Abin da Aka Faɗa Bayan Amin

Shekarar da na gama bautar ƙasa na dawo Kaduna ba ni da aikin yi, na zauna a gidan kawuna a unguwar Nasarawa. Kawu shi ne sakataren wata ƙungiyar ajiya da rance ta 'yan kasuwar Kakuri, wadda kowa ke kira kofaretib. Yawancin membobinta tsoffin ma'aikatan masaƙa ne da matansu, waɗanda suka koma ƙananan sana'o'i bayan an rufe masana'antun. Ciwon suga ya taɓa idon Kawu, ba ya iya bin layi a takarda, don haka sai ya koma ajiye wayarsa a kan tebur tana ɗaukar maganar taro. Idan ya dawo gida ya miƙo mini.

"Mai digiri, ga aikinka. Shafi biyu, kada ka yi mini littafi."

Aikin shi ne in saurara in fitar da minit, wato taƙaitaccen bayanin abin da aka tattauna da abin da aka yanke. Ni ba memba ba ne, ban taɓa zama a taron ba sai daga baya. Muryoyi kawai na sani. Na san ta Ciyaman, wani Alhaji da ya taɓa zama sufabaiza a masaƙa, mai jan magana a hankali. Na san ta Ma'aji, Ibo mai sayar da kayan gyaran babur, wanda Hausarsa ta fi tawa gudu.

Na yi musu minit sau uku ba matsala. Na huɗun na babban taro ne, wanda aka yi wata Lahadi da rana a ajin wata makarantar firamare, bayan an taso daga coci. Kawu ya ce in kula sosai, domin an canja dokoki, kuma za a haɗa minit ɗin da takardun da za a kai ofishin gwamnati mai rajistar ƙungiyoyi. Dokar da aka canja ba ta fara aiki sai an yi mata rajista a can.

Na zauna a baranda da safe da abin saurare a kunne. Taron ya kai awa biyu da wani abu. Al'adarsu ita ce Musulmi ya buɗe da addu'a, Kirista ya rufe, wata mai zuwa kuma a juya. An buɗe, an ƙirga mutane, aka ce an cika adadin da doka ta nema. Ma'aji ya karanta rahoton biyan rance, ya ce mutum bakwai sun daina biya, shi ya sa masu neman sabon rance ke kan layi wata da watanni.

"Kuɗin ba nawa ba ne," in ji shi. "Da nawa ne, da tuni na bi su har ɗakin kwana."

"Da naka ne ai da ba ka ba kowa ba," wata mata ta ce daga baya, aka yi dariya.

Abu na biyu shi ne hannun jari. A ƙungiyar kuɗin memba iri biyu ne. Akwai ajiyar wata-wata, wadda da ita ake auna rance, mutum yana iya karɓar har ninki biyu na abin da ya tara. Akwai kuma hannun jari, wanda ba a cire shi sai mutum zai bar ƙungiya, kuma a kansa ake raba riba a ƙarshen shekara. Aka amince a ƙara mafi ƙarancin jarin da kowa zai riƙe, a biya cikon cikin wata shida. Wannan bai ba ni wahala ba. An kawo ƙuduri, an goyi baya, an ɗaga hannu, Kawu ya faɗi adadin da ƙarfi.

Na uku shi ne dokar masu tsayawa. Duk mai karɓar rance sai membobi biyu sun sa masa hannu sun tsaya masa. A tsohuwar doka ba a taɓa kuɗin mai tsayawa sai wa'adin rancen ya ƙare gaba ɗaya, an kuma ƙara wata shida ana bin mai bashin. Sabon ƙudurin ya ce idan mutum ya yi wata uku a jere bai biya ba, a fara cirewa daga ajiyarsa da jarinsa, abin da ya rage a cire daga ajiyar masu tsaya masa. An yi gardama kaɗan, an jefa ƙuri'a, ya wuce da fiye da kashi biyu cikin uku. Na maimaita wurin sau da yawa don in tabbatar da kalmomin. Ba wanda ya ce daga yaushe, ko a kan wane rance, tsoho ko sabo. "Duk rancen da" kawai aka ce.

Daga nan na ji Ciyaman yana cewa la'asar ta yi, ga hadari kuma, idan ba wata magana a rufe. Bai tsaya jira ba sosai. Wani dattijon coci ya fara addu'a, aka ce amin, kujeru suka fara ƙara. Na kai hannu zan kashe, sai na ga saura minti shida. Kawu ya manta bai tsayar da ɗaukar ba.

Cikin hayaniyar sai ga muryar mace kusa da teburin.

"Alhaji, ka yi haƙuri, tun ɗazu hannuna yana sama. Wannan dokar, har da mu da muka riga muka sa hannu?"

"A'a, Mama, ina. Wannan ta masu zuwa ce. Ke je ki kwanta ki yi barcinki."

Wasu muryoyi biyu ko uku suka ce haka ne. Ta yi godiya. Sai ƙarar jan tebur, sai wayar ta shiga aljihu.

Da Kawu ya dawo daga masallaci na kunna masa wurin, na tambaye shi ko wace ce. Ya ce Mama mai doya ce, mutuniyar kudancin Kaduna, mijinta sun yi aiki sashe ɗaya da shi a masaƙa kafin ya rasu. Ta tsaya wa ɗan 'yar'uwar mijinta ya karɓi rance ya cika ya sayi keke napep. Keken ya yi hatsari, mutumin ya koma ƙauye yana jinyar ƙafa, wata huɗu ke nan bai biya ba. Ɗayan mai tsaya masa shi ma bashi ke kansa, ajiyarsa ba ta taka kara ta karya ba. Idan an bi tsohuwar doka, ba za a zo kan Mama ba sai bayan shekara ɗaya ko fiye. Idan an bi sabuwa, da zarar an yi rajista za a kwashe mafi yawan ajiyarta. Ita kuwa da wannan ajiyar take karɓar rance duk ƙarshen shekara ta biya hayar shagonta.

"To in rubuta abin da Ciyaman ya ce mata?"

Kawu ya murza ido.

"Kafin amin ne ko bayan amin?"

"Bayan amin ne, Kawu, amma ba da yawa ba. Ko minti ɗaya ba a yi ba."

"Ko numfashi ɗaya ne. Taro yana ƙarewa ne da addu'a. Abin da ya biyo baya hira ce."

Ya ce ba mugunta ba ce. Tun farkon kafa ƙungiyar sun sha wahala da mutanen da ke tare ciyaman a bakin ƙofa, su sa ya ce to, su dawo su ce an yi musu alkawari. Shi ya sa suka tsayar cewa daga addu'a zuwa addu'a ne taro. Ban ga kuskure a wannan ba. Har yanzu ma ban tabbata akwai kuskure a ciki ba.

Duk da haka na rubuta. Na yi shafi biyun kamar yadda ya ce, sai na ƙara layi uku a ƙasa, ƙarƙashin kan magana "Bayan rufe taro". Na sake su ya fi sau biyar. Na fara da cewa Ciyaman ya tabbatar, sai na ga kalmar ta yi nauyi, na mayar da ita ya bayyana, daga baya na koma cewa an ji Ciyaman yana cewa. Na san ina rage wa maganar ƙarfi da hannuna, amma ina tsoron in sa masa abin da zai ce bai nufa ba. Da na karanta wa Kawu ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce in goge.

"Ni zan sa hannu a ƙasa, ba kai ba. Idan na kai musu minit mai jela, gobe kowa zai kawo tasa jelar."

Na goge. Na ajiye kwafi ɗaya mai layukan a cikin kwamfutata, ban san don me ba.

Bayan kwana biyu Kawu ya aike ni Kakuri in kai wa Ma'aji takardun ya duba lissafi. A kan hanyar dawowa na nemi shagon Mama. Ƙaramin shago ne mai ƙofar ƙarfe, doya jere a gaba, garin kwaki a robobi a ciki. Na gaishe ta na ce ni ne ɗan 'yar'uwar Sakatare. Tana jin haka ta sa aka ba ni benci.

"Kai ne mai rubuta mana? Sannu ɗana. To ka ji abin da Alhaji ya ce mini, ko?"

"Na ji, Mama."

"Ka rubuta?"

Na fara zagaye-zagaye. Na ce akwai yiwuwar ba zai shiga ba, saboda yadda tsarin yake, ko da yake ban ce ba za a duba ba. Ta ajiye wuƙar da ke hannunta ta dube ni.

"Ɗana, ni ban yi makaranta ba. E ko a'a?"

"A'a, Mama."

Na tambaye ta me ya sa ba ta yi magana kafin addu'a ba. Ta ce hannunta yana sama tun ana ƙirga ƙuri'a, amma mata a baya suke zama, ga wani ginshiƙi tsakaninta da tebur. Da dattijon ya fara addu'a kuma, ita wace ce da za ta katse addu'a? A cocinsu ma shi ne babba. Na yarda da ita, amma waya ba ta ɗaukar hannu. A cikin abin da ke kunnena babu inda hannun nan ya fito.

Na gaya mata abin da na sani. A taron wata mai zuwa za a karanta minit, a tambaya ko akwai gyara kafin a amince da shi. Ta tashi a lokacin. Ta ce za ta tashi. Ta ɗaura mini doya biyu a leda, na ƙi, ta ce kada in raina ta. Na ɗauko su ina jin kamar na karɓi kuɗin aikin da ban yi ba.

Ranar taron Kawu ya ce in raka shi, ni zan karanta tunda idonsa ba ya gani. An ba ni kujera a gefen tebur, da sharaɗin karatu kawai, domin wanda ba memba ba ba ya sa baki. A ranar na fara haɗa muryoyi da fuskoki. Na ga ginshiƙin ma, na siminti ne mai kauri, a tsakiyar ajin. Na karanta da Turanci, na fassara da Hausa. Ciyaman ya ce akwai gyara? Mama ta taso har gaba, ba ta tsaya ɗaga hannu ba.

"Alhaji, ka ce mini dokar nan ta masu zuwa ce. Ban ji yaron ya karanta ba."

Ciyaman bai musa ba, kuma wannan ya ba ni mamaki. Ya ce ya faɗa, kuma a ransa haka ya ɗauka a lokacin. Amma shi mutum ɗaya ne, ƙuri'arsa ɗaya, ba shi da ikon ƙara wa ƙuduri abin da taro bai sa ba. Wani mai shagon taya ya miƙe ya ce shi wata biyar yana kan layin rance, idan dokar ba ta shafi mutum bakwai ɗin nan ba, to wa ta shafa, aljanu? Ai saboda su aka kawo ta. Wata mai abinci ta ce a ji tsoron Allah, matar nan ko kwabo ba ta ci ba. Ma'aji ya ce shi ma tausayinta yake ji, amma takardar da ta sa wa hannu cewa ta yi ta amince da dokokin ƙungiya, ba ta ce na wace shekara ba.

Sai Mama ta nuna ni.

"Yaron nan yana da maganar a waya. A kunna kowa ya ji."

Kawu ya dube ni ta gefen ido. Ciyaman ya ce a kunna. Na nemo wurin. Na yi tunanin in fara daga muryarta, na san daƙiƙar da take farawa, na haddace ta. Amma na ga idan na yi haka na yanke wani abu, kuma wani zai iya tambaya. Sai na koma baya kaɗan. Aka ji ƙarshen addu'a, aka ji amin ɗin mutum sama da hamsin, aka ji kujeru. Sannan muryarta, sannan ta Ciyaman yana cewa ta je ta yi barcinta.

Mai shagon taya ne ya fara magana, a hankali, ba da izgili ba.

"To ai kun ji. An riga an shafa addu'a."

Ni da nake ganin wayar ce shaidarta, ita ce ta nuna wa kowa a wane gefen amin maganar ta faɗo. Ban sani ba ko da na fara daga muryarta abin zai canja. Mai yiwuwa dattijon da ya yi addu'ar zai tuna, yana zaune a layi na biyu. Mai yiwuwa kuma ba zai ce komai ba.

Mai abincin ta ce to a kawo sabon ƙuduri yanzu a cire tsoffin rance. Kawu ya ce ba zai yiwu a taron wata-wata ba. Canja doka sai babban taro, sai an ba da sanarwa tun da wuri, kuma idan ba na shekara za a jira ba, sai membobi da yawa sun sa hannu sun nemi a kira na musamman. Aka tambayi masu so. Hannuwan da suka tashi ba su kai goma ba. Sauran suna kallon ƙasa, kuma na fahimci da yawansu suna kan layin rance, wasu ma haya ce ke jiransu kamar ita. Wani ya kawo ƙudurin a amince da minit, wani ya goyi baya. Ciyaman da Kawu suka sa hannu a kan takardar da na buga.

Ni aka ba takardun in kai ofishin rajista. Na riƙe su kwana uku a jakata. Na lissafa cewa idan rajistar ta makara har ta karɓi rancen haya, wataƙila ta tsira da shagon na shekara ɗaya. Na yi tunanin in ce jami'in ba ya nan, ko an ce in dawo. A rana ta uku Kawu ya tambaya ko na kai, na kasa yi masa ƙarya, na ce gobe. Washegari na kai. Jami'in ya duba sanarwar taro da jerin mahalarta da adadin ƙuri'a, ya ce minit ɗin ya yi tsabta, wa ya rubuta? Na ce ni ne. Na tambaye shi, a kaikaice, idan memba yana ganin an yi masa ba daidai ba fa? Ya ce yana iya rubuto ƙorafi, za a kira ɓangarorin a saurara, amma sai an bi layi. Ban tambayi tsawon layin ba.

Rajistar ta fito kafin ƙarshen shekara. Ma'aji ya cire ajiyar mai keken da jarinsa, ya cire ɗan abin da ke wurin ɗayan mai tsayawar, sauran ya faɗo kan Mama. Abin da ya rage mata, ko an ninka shi biyu, bai kai rabin hayar ba. Ciyaman ya je wurin wanda ya ba ta hayar shagon da kansa ya roƙi a ɗaga mata. An ba ta wata ɗaya.

Cikin watan ta aiko a kira ni. Na same ta ta rage kaya, robobin gari biyu kawai suka saura. Ta ce in rubuta mata takarda za ta bar ƙungiya, a ba ta jarinta ta cika haya. Na zo da kundin dokokin a jaka, na buɗe na karanta mata. Mai barin ƙungiya sai ya ba da sanarwar wata shida kafin a biya shi jarinsa. Wannan ba ta cikin dokokin da aka canja, tun farko haka take.

"Wata shida," ta ce. "Shi kuma mai shago kwana goma sha biyu."

Na ce akwai hanyar ƙorafi a ofishin rajista, ko da yake ban san yaushe za a kira ta ba, kuma ban tabbata za ta yi nasara ba, amma watakila lauya zai ga abin da ban gani ba a takardar da ta sa wa hannu. Ta bar ni na gama.

"Kai komai naka watakila ne, ɗana."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Ta ce in rubuta duka biyun, ta barin ƙungiya da ta ƙorafin. Na ɗora takarda a kan gwiwa na rubuta, na karanta mata, ta sa hannu da harafi ɗaya. Wata mata ta zo tana taya doya, Mama ta tashi ta sallame ta, ta dawo ta ce idan na san mai son ƙofar ƙarfe in yi masa magana, domin ita ta sa ta da kuɗinta, ba za ta bar wa mai shago ba.

Na ce zan tambaya. Na tambayi mutum biyu a Nasarawa, ɗaya ya ce sai ya ga girmanta. Ranar da na kai shi mun tarar an riga an cire ƙofar, tana jingine a bango, Mama kuma tana waje a bakin titi da tebur ɗaya da laima, tana jera doya. Mutumin ya auna da igiya ya ce ta yi masa kaɗan.